Umarnin Zana Bangon Ƙagaggen Labari: Hoton Tsakiya da Filin Take, da Misali daga Ƙauran Namoda

Tsakure

Marubutan Hausa da dama sun fara amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira wajen samar da hoton bangon littattafansu. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake tsara umarnin da ake rubuta wa irin waɗannan manhajoji domin a sami bango mai hoto guda a tsakiya, da fili tsaftatacce inda take zai zauna. An nuna cewa ba a samun wannan fili ta hanyar neman “wurin da babu komai”, sai an mayar da shi wani abu da ido ke gani a cikin hoton, kamar hazon hunturu. An kuma nuna cewa sunan gari kaɗai ba ya kai manhaja garin, sai an siffanta mata abin da ke wurin. An bi misali guda daki-daki, na wani labari da aka ƙaddara yana faruwa a Ƙauran Namoda da ƙauyukan Zurmi da Shinkafi.

1.0 Gabatarwa

Gérard Genette, a littafinsa Seuils na 1987, ya sanya bango da take cikin abubuwan da ke kewaye da matani, waɗanda mai karatu ke ratsawa kafin ya isa ga labari. A tsarin gidan Bahaushe, matsayin bango kamar na zaure ne, domin a nan baƙo ke fara auna masu gida. A zamanin da hukumomi da kamfanoni irin su NORLA da NNPC ke buga littattafai a Zariya, aikin bango yana hannun maɗaba’a da masu zanenta. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, sai nauyin ya koma kan marubuci, shi ke neman mai zane, shi ke biya. Yanzu kuwa da labarai da yawa ke fara fitowa ta wayar hannu, marubucin kan zama shi ne mai tsara bangon da kansa.

Abin da ake nufi da umarni a nan shi ne ’yan jimlolin da mutum ke rubuta wa manhajar zane, irin su Midjourney ko Stable Diffusion, ita kuma ta fitar da hoto. Bangon littafi ya bambanta da sauran hotuna ta fuska guda: ba a gama shi ba sai rubutu ya hau kansa. Hoton da ya cika ko’ina da ado, kome kyansa, bai zama bango ba, domin take ba shi da mazauni. Wannan ita ce matsalar da maƙalar ta fuskanta.

2.0 Dalilin Raba Take da Hoto

Tambayar farko ita ce: me zai hana a ce wa manhajar ta rubuta taken da kanta? Amsar tana cikin yadda take aiki. Manhajar zane ba ta ɗauko harafi daga rumbun haruffa kamar yadda na’urar buga rubutu ke yi. Zana siffar harafin take yi, gwargwadon yawan ganin da ta yi masa a hotunan da aka horar da ita da su. Haruffan Ingilishi ta gan su ba adadi, amma ɓ da ɗ da ƙ ba ta cika haɗuwa da su ba. Saboda haka takan daidaita lanƙwasar, ko ta mayar da ita wani ƙwalli marar ma’ana.

A Hausa wannan ba ƙaramin lahani ba ne. A ƙaddara wani marubuci ya sanya wa labarinsa suna Baƙin Tasha, yana nufin mutanen da suka sauka a tasha ba ’yan gari ba. Idan lanƙwasar ƙ ta ɓace, taken ya koma Bakin Tasha, wato gefen tasha. Labarin mutane ya zama labarin wuri, kuma mai karatu ba shi da hanyar gane cewa an yi kuskure, tunda dukan biyun Hausa ce karɓaɓɓiya. Idan an riga an buga kwafi dubu, babu gyara sai sake bango.

Ke nan aikin kashi biyu ne. Manhaja ta zana hoto babu ko harafi ɗaya, sannan mutum ya ɗora take da hannunsa a manhajar tsara shafi, da samfurin haruffa mai ɗauke da baƙaƙen Hausa. Filin da ake nema a umarni shi ne mahaɗar waɗannan kashi biyu.

3.0 Awon Bango da Awon Fili

Kafin a rubuta kalma ɗaya ta umarni, sai an san girman littafin. A ɗauki girman A5, wanda faɗinsa milimita 148 ne, tsayinsa 210. Maɗaba’a na buƙatar ƙarin milimita 3 a kowane gefe, domin wuƙar yanka ba ta sauka daidai a kan layi kullum. Idan aka yi wa fuskar bangon wannan ƙari ta gefuna huɗu, hoton zai zama 154 da 216. Wannan awo ya yi kusa ƙwarai da 5:7, don haka shi ake nema daga manhaja. Wanda ya bar ta a kan hoto mai murabba’i, daga baya zai yanke gefuna biyu, kuma sau da yawa abin da ake so ne ke tafiya.

Sai kuma filin take. Idan aka ware kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin, an sami milimita 54. Daga ciki a cire 3 na yanka, a cire 5 na tazarar da ake bari tsakanin rubutu da bakin takarda, saura 46. Taken Baƙin Tasha kalmomi biyu ne masu haruffa biyar-biyar. Idan aka jera su layi biyu, kowane harafi da tsayin milimita 18, da tazarar 6 a tsakani, an ci 42. Ya shiga, amma da ƙyar. Wannan lissafi ya nuna cewa tsawon take ne ke yanke girman fili, don haka a tsayar da take kafin a nemi hoto.

Akwai wata dabara a nan. Manhaja ba ta auna milimita, kuma takan bar kan mutum ko reshen itace ya kutsa cikin filin. Saboda haka wanda ke bukatar kashi ɗaya cikin huɗu, sai ya nemi kashi ɗaya cikin uku, wato milimita 72. Rarar milimita 18 ita ce abin da za a iya sadaukarwa ba tare da take ya matsu ba. A ƙasan bango kuma a bar ziri na kimanin milimita 25 domin sunan marubuci.

4.0 Zaɓen Hoton Tsakiya

A ƙaddara labarin Baƙin Tasha ya shafi wata mata da rashin tsaro ya raba da ƙauyenta a ƙasar Zurmi, ta sauka a Ƙauran Namoda, ta tarar da wasu da suka baro ƙauyukan Shinkafi, suka yi zaman jira kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Marubuci zai so bangon ya ɗauki duk wannan: mace, jirgi, kasuwa, mahara a kan babura. Bangon da ya ɗauki abu huɗu kuwa ba shi da tsakiya, kuma idan aka ƙanƙanta shi a fuskar waya sai ya zama tabo.

Hoton tsakiya abu ɗaya ne da zai tsaya a madadin labarin. A nan tarihin garin ya ba da shi. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, a nan ya tsaya, bai wuce zuwa Shinkafi ko Zurmi ba. Mace ɗaya tsaye a inda dogo ya ƙare, da ƙunshin kaya a ka, ta faɗi jigon ƙaura da jira ba tare da an nuna bindiga ba. Wannan zaɓi yana da nauyi ga yankin da kafafen labarai suka fi ambato saboda hare-hare. Bangon da ya sa ɗan bindiga a tsakiya ya ba shi labarin, alhali marubucin labarin wadda ta gudu yake bayarwa. Haka kuma manhaja na iya yi wa maharin sutura ko siffar wata ƙabila, ta ɗora wa littafin zargin da babu shi a cikinsa.

An fi son a nuna matar ta baya, saboda dalilai biyu. Na farko, fuska da yatsu su ne inda kurakuran manhaja suka fi fitowa. Na biyu, fuskar da ta yi kama da ta wata ’yar fim ko wata sananniya tana iya jawo ƙorafi, kuma tana hana mai karatu ya siffanta jarumar da tunaninsa.

5.0 Umarnin Farko da Inda Ya Gaza

Ana rubuta umarnin da Ingilishi ne bisa lalura. Rumbun LAION-5B na 2022, wanda daga sassansa aka horar da Stable Diffusion na farko, yana da hotuna kusan biliyan 5.85 tare da bayaninsu, kuma kimanin biliyan 2.3 bayanin nasu da Ingilishi ne. Sauran harsuna fiye da ɗari suka raba kaso mai kama da wannan, Hausa kuwa tana can cikin masu ƙaramin rabo. Ga irin umarnin da mai farawa kan rubuta:

```
book cover for a Hausa novel set in Kaura Namoda, woman, train,
market, bandits, leave empty space for the title, no text
```

Lahani huɗu ne a cikinsa. Na farko, ya ambaci bangon littafi. Duk bangon da manhaja ta taɓa gani yana da rubutu, don haka ambaton nan gayyata ce ga haruffan bogi, wani lokaci ma sai ta zana littafin kansa a kan tebur. Na biyu, ya hana rubutu ta hanyar kiran sunansa. Manhajoji da yawa ba su riƙe korewa da kyau, kalmar da aka ambata suke ji, ko da an ce kada a kawo ta. Na uku, ya nemi wurin da babu komai, alhali manhaja ba ta zana “babu”, dole ta zuba wani abu a kowane lungu. Idan ba a faɗa mata abin da za ta zuba ba, sai ta zaɓi gizagizai da tsuntsaye. Na huɗu, ya dogara ga sunan gari. Hotunan Ƙauran Namoda da ke ɗauke da sunanta ba su da yawan da zai koya wa manhaja kamannin garin, sai ta cike gurbin da abin da ta fi sani game da Afirka ko ƙasashen Musulmi: tudun yashi da raƙuma, ko itatuwan Gabashin Afirka masu shimfiɗaɗɗen kai, ko mace cikin sarin Indiya, ko jirgin zamani mai amfani da lantarki.

6.0 Umarnin da Aka Gyara

Gyaran shi ne a daina faɗa wa manhaja amfanin hoton, a siffanta mata abin da ido zai gani, daga tsakiya zuwa gefe. Ga shi da tsarin Midjourney:

```
Flat gouache illustration. One West African woman seen from behind,
centred, indigo wrapper, long ochre veil, cloth bundle on her head,
standing where a single narrow railway track ends. Low horizon, dry
red earth, one small leafless baobab far left. The top third is
smooth, pale-yellow dust haze.
--ar 5:7 --no letters, signs, birds, clouds
```

Jimlar farko ta tsayar da salo: zanen fenti mai shimfiɗaɗɗun launuka, wanda ba ya kwaikwayon hoton kyamara. Jimla ta biyu ta kawo mace ɗaya, ta baya, a tsakiya, da zane mai launin baba, da dogon mayafi ruwan ƙasa, da ƙunshi a ka. An kawo ta da wuri domin kalmomin farko sukan fi tasiri. An ce dogon guda ne kuma siriri, domin tsohon layin Nijeriya faɗinsa milimita 1,067 ne, kuma ambaton haka yana rage yiwuwar a sami babbar tasha mai layuka barkatai.

Jimla ta uku ta saukar da layin da ƙasa ke haɗuwa da sama. Wannan shi ne mabuɗin fili, domin gwargwadon saukar layin, gwargwadon faɗin sama. An sa kuka ɗaya, ƙarama, can nesa a hagu, domin rassanta kada su kai inda take zai zauna. An ce ba ta da ganye, kuma wannan ba ado ba ne: kuka takan zubar da ganye da rani, gawo kuwa da rani yake fitar da nasa. Bangon da ya haɗa hazon hunturu da kuka mai kore shar, duk manomin Zurmi zai gane wanda ya yi shi bai san ƙasar ba.

Jimla ta huɗu ita ce filin take, amma ba a kira shi da wannan suna ba. An ce kashi ɗaya cikin uku na sama hazon ƙura ne mai santsi, ruwan ɗorawa mai haske. Hunturu ya ba mai tsara bangon arewa abin da ya fi bukata, wato sama marar gajimare mai launi ɗaya, wadda kuma gaskiya ce ga yankin daga Disamba zuwa Fabrairu. Idan labarin na cikin gida ne, bangon ƙasa da aka yaɓe sumul zai yi wannan aiki. Idan na dare ne, baƙar sama marar taurari za ta yi. Ƙa’idar dai ɗaya ce: filin ya zama abu mai suna, mai launi ɗaya, wanda ke da dalilin kasancewa a labarin.

Layin ƙarshe umarni ne na na’ura. `--ar 5:7` ya tsayar da awo, `--no` kuma shi ne gurbin da aka tanada domin abubuwan da ba a so. A Stable Diffusion gurbin yana da sunan `Negative prompt`. A can ake zuba hani, ba a cikin siffantawa ba.

7.0 Tantance Sakamako da Ɗora Take

Ba a tsayawa a hoton farko. Sai a fitar da da yawa, a auna kowanne da gwaji uku. Gwajin farko na layi ne: a ja layi a milimita 54 daga sama, a duba ko ƙunshin kayan ko reshe ya haura shi. Na biyu na ƙanƙantawa ne: a mayar da bangon tsayin santimita uku, kwatankwacin yadda zai bayyana a jerin littattafai a waya. Idan har ana gane mace da dogo, hoton tsakiya ya tsaya. Na uku na cire launi ne: a mayar da hoton baƙi da fari. Idan matar ta narke cikin ƙasa, ko hazon ya fito da dabbare-dabbare, to bambancin haske bai isa ba, kuma lanƙwasar ƙ, wadda ita ce mafi sirantar sashen harafin, ita za ta fara ɓacewa.

Idan hoton ya yi kyau amma matar ta yi tsawo, ba sai an watsar da shi ba. Ana iya ƙara sama ta hanyar faɗaɗa hoton zuwa sama, abin da Midjourney ke kira `Pan`, sannan a yanke ƙasa. Ana kuma iya goge tsuntsu ko gajimare da hannu a Photoshop ko GIMP. Abin da ya kamata a guje wa shi ne shimfiɗa farin akwati a kan hoton domin a rufe ɓarna, saboda yana raba bangon gida biyu.

Wajen ɗora take, a fara gwada samfurin haruffa da Ɓ, Ɗ, Ƙ da ƙananansu. Noto Sans da Charis SIL da Gentium duk suna da su. Samfurin da ba shi da su yakan aro harafin daga wani samfuri a ɓoye, sai a ga Ƙ ta fi sauran siranta ko ta ɗan karkace. Wannan ita ce alamar da za a duba. A kan hazo mai haske, take mai launin baba irin na zanen matar zai haɗa sama da tsakiya. Kafin a kai maɗaba’a, a mayar da rubutun zane, abin da CorelDRAW ke kira `Convert to Curves`, domin kada kwamfutar maɗaba’a ta sauya haruffan idan ba ta da samfurin.

Saura batun kaifin hoto. Bugu mai kyau na bukatar ɗigo 300 a kowane inci, wato bangon nan na bukatar kimanin fiksel 1,819 da 2,551. Hoton da tsayinsa fiksel 1,300 ne zai ba da ɗigo 153 kawai, ya isa waya amma zai yi dishi-dishi a takarda. Dole a ƙara girmansa da manhaja, kuma a nan ne zanen shimfiɗaɗɗun launuka ya fi hoton kyamara jure ƙari. Haka nan launin fuskar waya ya fi na tawada haske, don haka a nemi maɗaba’a ta buga gwaji guda kafin a saki sauran.

8.0 Iyakokin Hanyar

Manhaja ba ta san bambancin mayafi da gyale da hijabi ba, ba ta kuma san ɗaurin zanen Zamfara ba. Abin da ta fitar kusantawa ne, kuma idon ɗan ƙasa ne kaɗai zai ce an dace ko an kauce. Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. A Fabrairun 2023, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya yanke cewa hotunan littafin Zarya of the Dawn, waɗanda aka samar da Midjourney, ba su da kariya, ko da yake rubutun da tsarin jera su suna da ita. Hukuncin bai ɗaure Nijeriya ba, amma ya isa ya sa marubuci ya yi tunani kafin ya ɗauka cewa bangon nasa ne shi kaɗai.

9.0 Kammalawa

An ga cewa umarnin bango mai kyau yana farawa ne daga lissafin takarda da tsawon take, ya zaɓi abu ɗaya daga labarin, ya siffanta ƙasar da abin da ke cikinta, sannan ya ba filin take suna da launi. Take kansa yana hannun mutum, domin a nan ne ake kare ɓ da ɗ da ƙ. Abin lura kuma shi ne, idan aka mayar da umarnin da aka gyara zuwa Hausa, aka miƙa wa mai zane a Gusau ko Kano, zai zama cikakken bayanin aiki a gare shi, kuma shi ba sai an tuna masa cewa kuka ba ta da ganye da hunturu ba. Ga manazarta adabi, umarnin kansa ya cancanci a adana shi tare da bangon, domin a cikinsa ake ganin abin da marubuci ya ɗauka shi ne zuciyar labarinsa, da abin da ya zaɓi ya bari a waje.